Disfensa Ta Daina Sanyi Ko Zafi? Bambancin Mai Kwamfreso Da Mai Fanka, Da Yadda Ake Gano Matsalar

Da zarar zafi ya kankama a watan Maris da Afrilu, ƙorafin da aka fi ji daga masu disfensa shi ne ruwan ya daina sanyi. Abu na farko da yawancin mutane ke cewa shi ne "gas ya ƙare", sai a ɗauki na'urar a nufi wajen mai gyaran firji. Sai dai da yawa daga cikin disfensa da ake sayarwa a kasuwa, musamman ƙanana na kan tebur da masu araha, babu gas a cikinsu ko kaɗan. Wata hanya daban suke bi wajen sanyaya ruwa, kuma abin da ke zama lalacewa a wani nau'in, a ɗayan iyakar ƙarfinsa ke nan. Don haka kafin a kashe ko sisi, abin da ya kamata a fara sani shi ne wane nau'i ake da shi.

Yadda ake gane nau'in da ake da shi

Ba sai an kwance komai ba, juya na'urar kawai za a yi a dubi bayanta. Idan akwai baƙin raga na ƙarfe mai siraran bututu daga sama har ƙasa irin na bayan tsohon firji, sannan a can ƙasa ana hango wata baƙar tukunya, to wannan mai kwamfreso ce. Tana da nauyi, kuma idan ta tashi ana jin gurnaninta na ɗan lokaci sannan ta yi shiru.

Idan kuma bayan a rufe yake da roba ko farantin ƙarfe, akwai 'yan ramukan iska, a ciki ana hango ƙaramar fanka irin ta cikin kwamfuta, to wannan ita ce mai fanka. Ba ta da nauyi, hannu ɗaya ma yana ɗaga ta kan tebur idan babu ruwa.

Takardar da ke manne a baya tana ƙara tabbatarwa. A mai kwamfreso za a ga `Compressor cooling` da sunan gas ɗin, galibi `R134a` ko `R600a`. A mai fanka za a ga `Electronic cooling` ko `Thermoelectric`, kuma ba za a ga sunan gas ba. Wasu lokuta rubutun ƙanana ne ƙwarai, sai a ɗauki hotonsa da waya a buɗa shi a karanta.

Yadda mai kwamfreso ke aiki

Wannan nau'in ƙaramin firji ne sak. Kwamfreso yana matse gas har ya yi zafi sosai, ya tura shi cikin baƙin ragar da ke baya. A nan iskar ɗaki ke ɗauke zafin, gas ɗin ya koma ruwa-ruwa. Daga nan sai ya bi ta wani siririn bututu ya faɗa cikin bututun da aka naɗe a jikin tankin ruwan sanyi. Da yake matsi ya ragu a wurin, sai ya sake komawa iska, kuma a wannan komawar ne yake zuƙe zafin ruwan da ke cikin tankin, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki idan yana bushewa. Sai ya dawo wajen kwamfreso a sake zagayen.

Akwai wani makunni mai jin sanyi da ake kira tamostat. Idan ruwan ya kai sanyin da aka saita sai ya kashe kwamfreso, idan ya ɗan ɗumama ya sake tayar da shi. Shi ya sa ake jin na'urar tana tashi tana tsayawa, kuma wannan ba matsala ba ce.

Irin wannan disfensa takan ja wuta wajen wat 85 zuwa 100 a ɓangaren sanyi, kuma takardarta takan nuna tana ba da kamar lita 2 a awa ɗaya, a sanyin digiri 10 ko ƙasa da haka. Babban alfanunta shi ne ko ɗaki ya yi zafi tana iya kai ruwan ga sanyi na gaske, sai dai ta ɗauki lokaci fiye da na da.

Yadda mai fanka ke aiki

Fankar ba ita ke sanyaya ruwan ba. Mai aikin wani ɗan farin faranti ne mai faɗin santimita 4 a kowane gefe, wanda kaurinsa bai kai rabin santimita ba, da wayoyi biyu, ja da baƙa. A shekarar 1834 wani Bafaranshe mai suna Jean Peltier ya gano cewa idan wuta ta ratsa mahaɗar ƙarafa biyu mabambanta, mahaɗar takan yi sanyi ko ta yi zafi, gwargwadon inda wutar ta fuskanta. Da sunansa ake kiran farantin har yau. Wanda aka fi samu a kasuwa yana ɗauke da lamba irin `TEC1-12706`, kuma da wutar bolt 12 yake aiki. Masu buga wasa a waya sun san shi ko da ba su san sunansa ba, domin shi ne ke cikin yawancin na'urorin da ake maƙala wa bayan waya don ta huce.

Idan aka ba farantin wuta, fuska ɗaya ta yi sanyi, ɗayar ta yi zafi. Fuskar sanyin tana manne da tankin ruwa, ta zafin kuma tana manne da wani ƙarfen alminiyam mai haƙora kamar matsefi. Aikin fanka shi ne hura iska a kan haƙoran nan don zafin ya fita.

A nan ne iyakarsa take. Farantin ba ya kai ruwa ga wani sanyi da aka ƙayyade, sai dai ya samar da tazara tsakanin fuskokinsa biyu. Fuskar zafin kuwa ba za ta taɓa yin ƙasa da zafin iskar ɗakin ba, tunda da wannan iskar ake fifita ta. A aikace, disfensa mai fanka takan sauke ruwa da kamar digiri 10 zuwa 15 ƙasa da zafin ɗaki. A ofis mai na'urar sanyaya ɗaki inda zafi yake digiri 25, ruwan zai fito wajen 12 ko 15, mai sha ya ji daɗi. A shagon da ke da rufin kwano a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, inda zafin rana ke haura digiri 40, na'urar nan da lafiyarta ƙalau za ta ba da ruwan da bai fi na randa sanyi ba.

Sannan tankinta ƙarami ne, sau da yawa bai kai lita ɗaya ba, kuma takardar takan nuna kamar lita 0.7 a awa. Kofi biyu ko uku a jere sun isa su ƙarar da ruwan sanyin, na huɗu ya samu wanda ya sauko daga gora yanzun nan.

Misali: shagon cajin waya a watan Afrilu

A ɗauka akwai wani shagon cajin waya da ke da ƙaramar disfensa ta kan tebur. An saye ta a lokacin sanyi, ta yi aiki lafiya, amma yanzu fitilar sanyi tana kunne dare da rana ruwan kuma ɗumi. Bayanta ya nuna mai fanka ce, don haka maganar gas ta faɗi tun nan.

Gwaji na farko ba ya buƙatar kayan aiki. A bar ta a kunne cikin dare idan akwai wuta, kada kowa ya ɗebi ruwa, da asuba a tsiyayi kofi ɗaya daga famfon sanyi a kwatanta shi da ruwan da ya kwana a buta a ɗakin. Idan akwai bambanci a fili, farantin yana aiki. Abin da ke faruwa da rana shi ne zafin ɗaki da yawan masu sha sun fi ƙarfinta.

Ɗan lissafi zai nuna dalili. Sauke zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana buƙatar a cire kimanin jul 4,200 na zafi. Idan ruwan gora yana digiri 35 ana so ya sauko 20, tazarar digiri 15 ke nan.

```
4200 x 15 = 63000
63000 / 20 = 3150
```

Na'urar tana jan wuta wajen wat 70, amma ba duka ke zama sanyi ba, mafi yawa zafi yake komawa a bayan farantin. Idan aka ɗauka wat 20 ne take iya cirewa daga ruwan a irin wannan zafi, daƙiƙa 3,150 ake buƙata, wato minti 52 da ɗoriya don lita ɗaya tak. A shagon da mutum goma ke shan ruwa a awa ɗaya, ba za ta taɓa cim musu ba. Babu mai gyaran da zai canza wannan.

To idan kuma ruwan asubar ma ɗumi ne fa? Sai a koma kan fanka. A kunna makunnin sanyi na baya a sa hannu kusa da ramukan iska. Idan ba a ji iska ba, ko fankar tana juyi a hankali tana ƙara, an kusa gano bakin zaren. Ƙurar hunturu tana taruwa a tsakanin haƙoran alminiyam ta zama kamar auduga, iska ta kasa wucewa. Idan zafi bai fita ba sai ya komo ta cikin farantin ya shiga ruwan, har a wasu lokuta ruwan famfon sanyi ya fi na gora ɗumi. A cire filogi daga soket, a buɗe murfin baya, a share ƙurar da busasshen buroshi, a juya fankar da yatsa a ji ko tana tafiya sumul. Fankar bolt 12 ce irin ta kwamfuta, ana samun ta wajen masu gyaran kwamfuta, sai dai a tafi da tsohuwar don a dace da girma.

Idan fanka tana juyi, haƙoran sun yi tsaf, amma bayan minti goma da kunnawa alminiyam ɗin bai ko ɗumama ba, to farantin ba ya aiki. Ko dai wuta ba ta isa gare shi ba, ko ya mutu. Akwai ɗan allon lantarki da ke mayar da wutar gida zuwa bolt 12, kuma hawa da saukar wuta na yawan lalata shi. Mai gyara zai auna wayoyin farantin da mita. Idan babu bolt 12 ko kusa da haka, allon ne. Idan akwai amma babu zafi a baya babu sanyi a gaba, farantin ne ya ƙone, kuma sau da yawa fankar da ta tsaya tun farko ce ta jawo hakan. Wajen sa sabo dole a shafa farin man da ke haɗa zafi a fuskokinsa biyu, kuma a tabbata fuskar sanyi ce ke kallon tanki. Idan aka juya shi, na'urar za ta riƙa dafa ruwan maimakon sanyaya shi. Wanda bai saba da lantarki ba kada ya taɓa allon nan, domin gefe ɗaya nasa wutar gida ce kai tsaye, kuma yana iya riƙe caji na ɗan lokaci bayan an cire filogi.

Idan mai kwamfreso ce ta daina sanyi

A nan kunne da tafin hannu ne kayan gwaji. A kunna makunnin sanyi, wanda galibi kore ne ko shuɗi, a saurara.

Idan shiru ne gaba ɗaya, babu gurnani babu motsi, matsalar ta wuta ce: makunnin kansa, wayar da ta saki, ko tamostat da ya daina haɗawa. Kwamfreson yana iya kasancewa lafiya lau.

Idan aka ji ya yi gurnani na 'yan daƙiƙu sannan aka ji "ƙas" ya yi shiru, bayan minti biyu ko uku ya sake, to yana ƙoƙarin tashi ne yana kasawa. Ƙarar nan ta wani makari ce da ke yanke wuta don kada injin ya ƙone. Abu biyu ne suka fi jawo haka. Na farko wuta maras ƙarfi, irin wadda ke sa fankar sama juyi a kasalance, ko ƙaramin janareta da aka yi wa lodi. Na biyu ɗan abin da ke tayar da kwamfreso, wanda masu gyara ke kira rile, yana maƙale a gefen tukunyar. Idan an cire shi aka girgiza aka ji kamar tsakuwa a ciki, ya farfashe. Canza shi ƙaramin aiki ne, kuma ya kamata a gwada shi kafin a yarda da maganar cewa kwamfreso ya mutu.

Idan kuma kwamfreso yana aiki ba tsayawa amma ruwa bai yi sanyi ba, a taɓa baƙin ragar baya bayan minti goma sha biyar. Lafiyayyiya takan yi ɗumi sosai, musamman inda bututun ya fito daga kwamfreso. Idan ragar ba ta ɗumama ba, a nan ne maganar gas ta shigo, ko kuma siririn bututun ya toshe. Sai dai gas ba ya ƙarewa kamar fetur, zagayawa yake yi a rufaffen bututu. Idan ya ragu to akwai inda yake yoyo, kuma wanda ya ɗura sabo bai toshe wurin ba zai dawo bayan 'yan makonni. Haka nan dole a sa irin wanda aka rubuta a takarda. `R600a` yana kama wuta, don haka ba a aikinsa kusa da harshen wuta ko a rufaffen ɗaki.

Idan ragar ta yi zafi ƙwarai har ba a iya barin hannu a kai, sanyin kuma kaɗan ne, to iska ce ba ta isa ba. A janye na'urar daga bango kamar santimita 15, a share ƙura, a kawar da ita daga inda rana ke bugu.

Abubuwa biyu suna kare kwamfreso. Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, a jira kamar minti biyar kafin a kunna, domin matsin da ke cikin bututun ya daidaita. Sitabilaiza mai jinkirin kunnawa tana yin wannan da kanta. Idan kuma an kwantar da na'urar a mota ko a-daidaita-sahu wajen kawo ta, a bar ta a tsaye na wasu awanni kafin a jona, don man kwamfreso ya koma mazauninsa.

Ɓangaren zafi iri ɗaya ne a dukansu

Ko mai kwamfreso ko mai fanka, ruwan zafi daga wani ƙaramin tankin ƙarfe yake fitowa, mai hita ta wajen wat 420 zuwa 550. Ba ruwansa da gas ko faranti, shi ya sa sanyi ke iya lalacewa zafi na aiki, ko akasin haka. Hita mai wat 500 tana ɗaga lita ɗaya daga digiri 30 zuwa 90 cikin kimanin minti takwas da rabi, don haka idan minti ashirin ya wuce ruwan bai yi zafi ba, akwai matsala.

A jikin tankin akwai maɓallai biyu masu jin zafi. Ɗaya yana kashe hita idan ruwa ya kai wajen digiri 90 ya sake kunnawa idan ya huce. Ɗayan na tsaro ne, ba ya yanke wuta sai zafi ya wuce kima. Abin da ya fi sa shi yankewa shi ne kunna jan makunni alhali tankin babu ruwa, kamar a sabuwar na'ura, ko bayan gora ta ƙare an bar ta a kunne. A wasu na'urorin yana da ɗan maɓalli a tsakiya da ake dannawa ya dawo, bayan an cire filogi tankin ya huce. A wasu kuma sai an canza shi.

Idan an danna bai yi ba, mai gyara zai cire wayoyin hita ya auna ta da mita. Hita mai wat 500 a wutar bolt 220 ya kamata ta nuna kusan om 97.

```
220 x 220 / 500 = 96.8
```

Idan mitar ba ta nuna komai ba, wayar cikin hitar ta tsinke. Hanyar kauce wa duk wannan mai sauƙi ce: bayan an ɗora gora, a danna famfon zafi har sai ruwa ya fito sosai ba tare da kumfar iska ba, sannan a kunna jan makunni. Masu cika gora da ruwan burtsatse su sani cewa farin dattin da ke manne a cikin butar shayi yana taruwa a tankin nan ma, yana sa ruwa jinkirin zafi kuma yana rage kwararar famfo.

Ga masu amfani da sola ko inbata, hitar ce mai cin wuta, ta ninka ɓangaren sanyi sau biyar ko fiye. Idan ba a buƙatar shayi, a kashe jan makunni a bar na sanyi.

Wacce ta dace da wa

Mai fanka tana da araha, ba ta da ƙara sosai, ba ta buƙatar wuta mai yawa a lokacin tashi, kuma kayan gyaranta uku ne kacal: fanka, allo da faranti. Ta dace da ɗakin mutum ɗaya ko biyu, ko ofis mai sanyi. Amma a zafi takan yi ta aiki ba hutu, don haka ƙaramin wat ɗin da aka rubuta a jikinta ba ya nufin ta fi tattalin wuta a kan kowace lita.

Mai kwamfreso ta fi tsada da nauyi, tana kuma son wuta tsayayya, amma ita ce ke iya ba da ruwa mai sanyi na gaske ga gida mai yawan jama'a ko shago a tsakiyar bazara. A kan takardar wasu akwai harafin yanayin da aka ƙera su dominsa: `N` har zuwa digiri 32, `ST` har 38, `T` har 43. Ga mazauna arewa, `T` ce ta fi dacewa idan an same ta. Girman na'ura ba ya nuna nau'inta, domin akwai dogaye masu tsayuwa a ƙasa, har da ɗan kabad, waɗanda faranti ne a cikinsu. Kafin a biya kuɗi, a roƙi mai shago ya juyo bayanta a gani.